Waiwaye: Yadda Layin Jiran Ethereum Ya Zama Wurin Cin Riba

Muhawarar da ake yi kan ribar da wasu ke tatsa daga masu sayen kuɗin kirifto, wadda masana ke kira MEV, ta daɗe da samo asali. Tun da Ethereum, tsarin da ake hada-hadar kuɗin kirifto a kansa, ta fara aiki a 2015, ciniki kan tsaya a zauren jira da ake kira `mempool` a idon kowa, kuma mai haɗa bulo, wato ƙunshin cinikayyar da ake zartarwa tare, shi ne ke zaɓar wanda zai shiga gaba, galibi wanda ya fi biyan kuɗin gas, wato kuɗin zartar da ciniki. A 2019 ne wani bincike na Philip Daian da abokan aikinsa ya raɗa wa matsalar suna.

A ganina, inda al'amarin ya juya shi ne ƙarshen 2018, lokacin da kasuwannin da lissafi ke yanka wa farashi suka fara karɓuwa, abin da ba a cika tsayawa a kansa ba. A irin wannan kasuwa, kuɗi iri biyu ne a rumbu ɗaya bisa ƙa'idar `x * y = k`, wato yawan ɗaya sau yawan ɗayan ba ya sauyawa, don haka duk wanda ya hango ciniki a layi zai iya sanin daidai inda zai kai farashi tun kafin a zartar da shi. Abin da ya fi muni shi ne, mai saye da kansa yake rubuta iyakar faɗuwar da zai lamunta, wato `slippage`, kuma ita ma a fili take.

A ɗauki rumbu mai ETH 100, wato kuɗin Ethereum, da dala 200,000. Ɗan kasuwa ya turo dala 10,000, wadda ya kamata ta sayo masa ETH 4.76, ya kuma lamunci ragin kashi 2 cikin ɗari. Sai manhajar wani mafarauci ta riga shi saye da dala 2,000, farashi ya ɗaga, shi kuwa ya tashi da ETH 4.67 kawai. Nan take manhajar ta sayar da abin da ta saya a kan kusan dala 2,200, ribar dala 200 ke nan kafin a cire kuɗin kasuwa da na gas. An sa shi a tsakiya an yanke shi, amma cinikinsa ya wuce lami lafiya tunda asarar ba ta haura iyakar da ya rubuta ba, shi ya sa da yawa ba sa ma farga.

Komawar Ethereum hannun masu tantancewa, waɗanda suka karɓi aikin fitar da bulo a Satumbar 2022, ta sauya masu karɓar kason ne, domin har yanzu gwanjon matsayi a cikin bulo ake yi. Mai son sanin ko an taɓa shi sai ya buɗe bulon da cinikinsa ya shiga, ya duba ko adireshi ɗaya ya saya dab da gabansa, ya kuma sayar dab da bayansa a rumbun nan.