Maido da kuɗin da aka tura asusun da ba shi ba

Maido da kuɗin da aka tura bisa kuskure, wanda 'yan kasuwar Kano ke kira ribas, shi ne roƙon da mai asusu ke gabatar wa bankinsa don a dawo masa da kuɗin da ya tura wa wanda ba shi ya yi nufi ba. Ya sha bamban da tiransfar da ta maƙale, wato an cire kuɗi amma ba su isa ko'ina ba. Wannan dai ƙa'ida ta ɗora wa banki ya maido da su cikin awa 24. Amma idan kuɗin sun shiga asusun wani mutum, to sun shiga hurumin da bankin mai turawa ba shi da iko a kai, kuma idan kuskuren na mai turawa ne, bankin da ya karɓa ba ya cire kuɗin abokin hulɗarsa sai da yardarsa ko da umarnin kotu.

Asali

Kafin shekarar 2010 kowane banki a Najeriya yana da nasa tsarin lambar asusu, wata doguwa wata gajeriya. A wannan shekarar Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fito da tsarin NUBAN mai lamba goma, bankuna suka koma kansa wajen tsakiyar 2011. A 2011 ɗin ne kuma kamfanin NIBSS, wanda aka kafa a 1993 don daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ya ƙaddamar da NIP, hanyar da kuɗi ke shiga asusun mai karɓa nan take. Saurin nan shi ne tushen matsalar, domin babu wani tsaiko a tsakani da za a ce a tare kuɗin a hanya.

Jihar Kano ta shiga tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a watan Yulin 2013. Sai dai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta wa ƙananan 'yan kasuwa a Kantin Kwari da Singa da Dawanau karɓar tiransfa ko da ba sa so.

Yadda kuskuren ke wucewa

Lambar ƙarshe ta NUBAN ba ta cikin jerin asusun, lambar tantancewa ce. A tsarin asali ana haɗa lambar banki mai alƙalami uku da lambobi tara na asusun, a ninka kowanne da 3, 7, 3, 3, 7, 3 har ƙarshe, a tara, sannan a cire alƙalamin ƙarshe na jimillar daga 10, in an samu 10 a sa 0. Misali, banki mai lamba 011 da jeri 000001457 suna ba da jimilla 81, don haka lambar tantancewa 9 ce, cikakkiyar lambar kuwa 0000014579.

Saboda wannan lissafi, kuskuren alƙalami ɗaya tak ba ya haifar da ingantacciyar lamba a banki ɗaya. Amma akwai kafa. Idan aka musanya alƙaluma biyu maƙwabta waɗanda duka da 3 ake ninka su, jimillar ba ta sauyawa: 0000041579 ma ta cika sharaɗi, kuma idan akwai mai ita, can kuɗin za su tafi. Wata kafar ita ce zaɓen bankin da ba shi ba, tunda lamba ɗaya tana iya kasancewa a bankuna biyu da mutane daban. Haka nan manhajoji irin su OPay da PalmPay, waɗanda lambar waya ce lambar asusu bayan an cire sifilin farko, kuskuren alƙalami ɗaya kan faɗa kan wani mai layi. Katangar ƙarshe ita ce sunan da ke fitowa a fuskar waya kafin a sa lambar sirri, wanda a garin da masu suna iri ɗaya suka yi yawa, ba kowa ne ke karanta shi har ƙarshe ba.

Abin da ƙa'ida ta tanada

A 2018 CBN ya fitar da ƙa'idar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Ta raba kuskure gida biyu. Idan banki ne ya yi shi, yana da kwana 14 na aiki ya nemi maidowa a rubuce, bankin da ya karɓa kuma ya mayar cikin kwana ɗaya na aiki ba tare da neman izinin mai asusun ba, matuƙar kuɗin na nan.

Idan kuwa mai turawa ne ya yi kuskuren, hanyar ta fi tsawo. In ya san wanda kuɗin suka je wa, ana fara ba shi shawarar su sasanta. In bai san shi ba, ko kuwa ya ƙi, bankinsa zai sanar da ɗaya bankin, shi kuma ya riƙe daidai adadin kuɗin a asusun, ya nemi amincewar mai shi. In ya ƙi amincewa, masu binciken kuɗi na cikin gida na bankunan biyu su shiga tsakani cikin mako biyu. In ya riga ya kashe kuɗin kuma ya ƙi cikawa, ana iya sa lambar BVN ɗinsa a jerin waɗanda ake sa wa ido, a kuma kai batun ga jami'an tsaro.

Misali

A ƙaddara wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari zai biya dila naira 450,000, sai ya zaɓi bankin da ba shi ba, kuɗin suka shiga asusun baƙo. Abin da zai fara nema shi ne rasidin tiransfar, musamman lambar Session ID mai alƙaluma 30, domin da ita ake bin sawun kuɗin. Sai ya kira layin bankinsa a take, ya kuma je reshe da katin shaida ya rubuta takardar koke mai ɗauke da rana, lokaci, adadi, lambar da ya tura wa da wadda ya yi nufi. Ya karɓi lambar koken. Zuwa bankin da ya karɓi kuɗin kai tsaye ba ya cika amfani, don ba za su ba shi lambar waya ko adireshin abokin hulɗarsu ba.

In aka riƙe kuɗin kuma mai asusun ya yarda, ya sa hannu a takardar amincewa, an gama. In kuwa kafin saƙon ya isa ya riga ya cire 200,000 a wajen mai POS, to 250,000 ɗin da suka rage kaɗai za a iya riƙewa, sauran sun zama bashin da za a bi.

A aikace, bankuna da yawa kan nemi umarnin kotu idan mai asusun ya ƙi ko ba a same shi ba. Mai koke zai yi takardar rantsuwa, ya haɗa da rasit da bayanan asusunsa, lauya ya shigar da buƙata, galibi a kotun majistare irin waɗanda ke Nomansland, sannan a miƙa wa bankin odar. Kuɗin lauya da zirga-zirga kan sa masu ƙananan kuɗi su haƙura. Wanda ya tura ta hannun mai POS kuwa, sai mai POS ɗin ya shigar da koken, tunda daga asusunsa kuɗin suka fita.

Idan banki bai warware koke cikin mako biyu ba, ana iya kai shi Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN tare da lambar koken.

Saɓani

Ana taƙaddama kan ko neman odar kotu ya dace da ƙa'idar 2018. Bankuna na cewa kariya ce daga masu sayen kaya su biya, sannan su dawo su ce kuskure ne.

Wanda kuɗin suka shigo wa

Kashe kuɗin bayan an san ba na mutum ba ne na iya zama laifi a dokar final kod, malamai kuma na kallon su a matsayin haƙƙin wani da ya wajaba a mayar. An fi son a mayar ta hannun banki, domin akwai 'yan damfara da ke turo alat na bogi su kira suna roƙon a maido musu ta wata lambar asusu daban.