Awon jin daɗin rayuwar tsohon kare

Awon jin daɗin rayuwa wata dabara ce da likitocin dabbobi ke anfani da ita don a gane ko tsohon kare mai ciwo yana da sauran more duniya, ko wahala kawai ta rage mishi har ya kamata a yi mishi allurar hutawa, wato wadda ke sa ya mutu ba tare da wahala ba. Wanda anka fi sani shi ne HHHHHMM, wata likitar kansar dabbobi ta Amurka, Alice Villalobos, ta fiddo shi a 2004. Abu bakwai ake dubawa, haruffan farko na sunayensu da Ingilishi ne suka ba da HHHHHMM: ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsabta, walwala, motsi, sai kuma ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Kowane ana ba shi maki har zuwa 10, yawan maki na nufin kare yana cikin hali mai kyau, jimla 70, in ta haura 35 ana ɗauka da sauran dama.

Ciwo ne na farko kuma shi ya fi wuyar ganewa, don kare ba ya cika kuka, sai dai ka ga ya daina tarbarka bakin ƙofa, yana ta juye-juye da dare ya rasa yadda zai kwanta, ko ya yi gurnani in ka taɓa kwankwasonshi alhali da ba halinshi ba ne. Numfashi ma cikin wannan layi yake. Lafiyayyen kare in yana barci numfashinshi ba ya wuce 30 a minti, ana ƙirga dagawar haƙarƙari na sakan 30 a ninka biyu. A Tawa ko Yamai lokacin zafin Afrilu kowane kare haki yake da rana, saboda haka da asuba ake ƙirgawa, in ba haka ba lissafin banza ne.

Wajen abinci ma akwai tarko. Karen Azawak dama siriri ne, ana ganin ƙashin haƙarƙarinshi ko yana ƙoshe, kada wannan ya ruɗi mutum. A ɗauke shi a hau sikeli duk sati, a cire nauyin mai ɗaukar, a rubuta cikin kaye. Ruwa kuwa, kare mai kilo 20 yana buƙatar wajen lita ɗaya a yini, fiye ma in ana zafi. A ja fatar bayan wuya a saki, in ta tsaya ba ta koma ba kuma dasashi ya bushe, jiki ya rasa ruwa.

Ga misali. Karen gadi ɗan shekara 13, ƙafafun baya sun mutu, likita ya ba shi maganin ciwo sati uku amma har yanzu yana nishi da dare: ciwo 3. Sai an ba shi nama a hannu yake ci, 4. Ruwa yana sha, 6. Yana fitsari inda yake kwance, gyambo ya fito a ƙugu ƙudaje na bi, kuma a ƙasarmu wannan tsutsa ce ke tafe cikin 'yan kwanaki: tsabta 3. Yana kaɗa wutsiya in yara sun dawo daga lakkwal, walwala 5. Ba ya tashi sai an tallafe shi da zane, motsi 2. A kalanda an sa alama kullum, cikin kwana 14 huɗu ne kawai masu daɗi, 3. Jimla 26, wato lokacin zama da likita ya yi.

Amma jimla tana iya yaudara. Karen da ke ci yana sha yana kaɗa wutsiya zai iya samun 40, alhali ruwa ya taru mishi a huhu yana kwana tsaye da wuya miƙe don ya kasa numfashi kwance. Wannan shi kaɗai ya isa, ba a jiran lissafi. Haka nan mai kare yakan ƙara maki don tausayi, shi ya sa gara mutum biyu su ba da maki kowa daban, kuma a maimaita duk sati. Kafin yanke shawara a tabbata an gwada magani, wani karen ciwon gaɓoɓi ne kawai ko ruɓaɓɓen haƙori, amma kada a ba shi ibufurofen na mutane, yana ɓata ciki da ƙoda. In kuwa shanyewar jiki ta zo farat ɗaya da dalalar miyau, a yi zaton haukan kare, kada a sa hannu bakinshi, a kira ma'aikatan kiwo.

Ita allurar hutawa, likita ke yinta. Yakan fara da ta barci, sannan maganin fentobarbital mai yawa cikin jijiyar ƙafar gaba, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintoci. Ido yakan tsaya buɗe, wani lokaci ya ja dogon numfashi ko fitsari ya zubo, duk ba ya ji. Guba a nama ko kai shi daji a yar wahala ce ta awoyi ko kwanaki. Gawar kuma a binne ta da zurfi, don maganin yana nan cikin naman, ungulu ko wani kare ya ci zai iya mutuwa.