Mece ce Geshtalt? Yadda ƙwaƙwalwa ke ƙarasa abin da ido bai gani ba

Masu zanen talla, masu tsara manhajar waya da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam suna yawan ambaton "ƙa'idojin Geshtalt". Kalmar ta Jamusanci ce, a rubuce Gestalt, tana nufin siffa ko cikakken fasalin abu. A fagen ilimi kuwa suna ne na wata mazhabar masana da ta taso a Jamus a farkon ƙarni na 20, ƙarƙashin mutum uku: Max Wertheimer, Wolfgang Köhler da Kurt Koffka. Abin da suka kafe a kai shi ne mutum ba ya fara ganin ɗigo-ɗigo da layi-layi sannan ya zauna ya harhaɗa su. Kafin ma ya ankara, ƙwaƙwalwa ta riga ta tattara su ta miƙo masa abu guda cikakke, kuma tattarawar tana bin wasu ƙa'idoji da za a iya gwadawa.

Tushen abin wani gwaji ne da Wertheimer ya yi a birnin Frankfurt, ya wallafa a 1912. Yakan haska wani layi a wuri guda, ya ɗauke, sai ya haska wani a kusa da shi. In tazarar lokacin ta yi tsawo, kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, mai kallo yana ganin layi biyu, ɗaya bayan ɗaya. In ta yi gajarta ƙwarai, sai ya ga duka biyun a tare. Amma a tsakani, wajen kashi 60 cikin 1000 na daƙiƙa, sai ya ga layi ɗaya tak yana tashi daga nan zuwa can. Babu abin da ya motsa, amma an ga motsi ƙarara. Ƙananan fitilun da ke zagaye allon shago da dare, waɗanda ake gani kamar suna gudu, wannan dabarar ce: kowace tana kunnuwa ta mutu a inda take. Motsin ba ya cikin fitila ta farko, ba ya cikin ta biyu, a alaƙarsu yake, kuma ƙwaƙwalwa ce ta samar da shi.

A 1923 Wertheimer ya jero ƙa'idojin tattarawa. Mafi sauƙin gani ita ce kusanci: abubuwan da suka fi kusa da juna ana ɗaukarsu ƙungiya ɗaya. Dubi mai tumatir a kasuwa. Bai ja layi a kan buhun da ya shimfiɗa ba, bai sa shinge ba, ɗan fili kawai ya bari tsakanin kashi da kashi, amma babu mai saye da zai tambaye shi inda wannan kashi ya ƙare. Ka ɗiga ɗigo shida a jere da tazara iri ɗaya, za ka ga layi guda. Ka matso da su biyu-biyu, nan take sun zama tagwaye uku, kuma ko ka so ka haɗa na biyu da na uku a ranka sai ka yi da gaske, kana sakewa su koma yadda suke. Sauran ƙa'idojin 'yan uwanta ne: masu kama da juna a launi ko siffa suna haɗuwa, masu tafiya wuri guda suna haɗuwa, ido kuma ya fi son bin layin da ya miƙe sumul a kan wanda ya karye kwatsam.

Wadda ta fi tona asirin ƙwaƙwalwa ita ce ƙa'idar cike gurbi, kuma babu misalin da ya kai alwatikar Kanizsa, wadda masanin ƙasar Italiya Gaetano Kanizsa ya fito da ita a 1955. Kana iya yin sauƙaƙƙiyarta da farar takarda da baƙin biro. Sa ɗigo uku a matsayin kusurwoyin alwatika mai gefe daidai, tsakanin kowane biyu santimita 6. A kan kowane ɗigo zana da'ira mai faɗin santimita 3, ka cike ta da baƙi, amma ka bar wani yanki fari mai tsini, kamar an yanke ɓari, bakinsa yana fuskantar tsakiya. Sharaɗin shi ne gefen yankan kowace da'ira ya saitu da gefen yankan maƙwabciyarta, yadda in ka ɗora rula za ta bi su duka biyun. Kada ka ja wani layi tsakanin da'irorin.

Ɗaga takardar ka ɗan nesanta ta da fuskarka. Za ka ga farar alwatika kwance a kan baƙaƙen da'irori uku, gefenta a fili har a wuraren da biro bai taɓa ba. Mutane da yawa ma suna ganin ta fi sauran takardar haske. Yanzu rufe da'irorin da yatsu ka dubi inda gefen yake ɗazu: farar takarda ce kawai, babu komai. Ko ka sake zanen, ka juya bakin kowace da'ira ya kalli waje. Tawadar daidai da ta ɗazu ce, ba ƙari ba ragi, amma alwatika ta ɓace. Haka kuma in ka ƙara nisa tsakanin da'irorin ba tare da ƙara girmansu ba, gefen yana dusashewa a hankali. A zanenmu rabin kowane gefe ne aka zana da gaske, santimita 3 cikin 6, sauran rabin ƙwaƙwalwa ta ƙarasa. Gwargwadon yadda rabon da aka zana ya ragu, gwargwadon yadda take ja da baya.

Me ya sa take haka? Hoton da ya faɗa cikin ido yana da fassara biyu. Ta farko: da'irori uku ne masu giɓi, kuma sa'a ce kawai ta sa bakunansu suka saitu daidai. Ta biyu: cikakkun da'irori uku ne, wani farin abu mai kusurwa uku ya rufe ɓangarensu. A duniyar da muke ciki, abu ya tare wani abu shi ne ruwan dare. Mutum yana tsaye bayan katanga, kai da kafaɗa kawai ake gani, babu mai cewa rabin mutum ne. Amma gefuna shida su saitu haka siddan, wannan da wuya ya faru. Sai ƙwaƙwalwa ta zaɓi fassarar da ba ta buƙatar sa'a, ta kuma zana gefen da fassarar ke bukata. A 1984 masu bincike a birnin Zurich na ƙasar Switzerland, Rüdiger von der Heydt da abokan aikinsa, sun gano cewa a ƙwaƙwalwar biri akwai ƙwayoyin jijiya a sashen gani da ake kira V2 waɗanda ke amsawa ga irin wannan gefe na ƙarya kamar yadda suke amsawa ga gefe na gaske. Wato ba tunani ne ake yi daga baya ba, a cikin aikin ganin kansa abin yake. Shi ya sa sanin gaskiya ba ya korar alwatikar. Kai ka zana da hannunka, ka san babu ita, amma kana kallonta.

Wannan ne amfanin ruɗin ido ga masana. Kowane ɗaya hoto ne da aka ƙera da gangan don wani zato na ƙwaƙwalwa, wanda kullum yake dacewa, ya kuskure sau ɗaya a gan shi. Ɗauki zaton cewa haske daga sama yake zuwa. Ka ɗauki hoton sawun ƙafa a kan yashi da safe, lokacin da inuwa ke da tsawo, ka kulle juyawar allon wayarka, sannan ka juya wayar sama ta koma ƙasa. Sau da yawa ramin sawun sai ya koma tudu. Inuwar da ke gefen sama tana nufin rami in hasken daga sama yake, in ta koma gefen ƙasa kuma tana nufin tudu, ƙwaƙwalwa kuwa ta gwammace ta canza siffar abu da ta yarda rana ta koma ƙarƙashi.

Akwai kuma hoton da Edward Adelson na jami'ar MIT ya fitar a 1995: allon dara mai gidaje farare da baƙaƙe, wani koren abu a tsaye yana jefa inuwa a kai. Gida mai alamar A baƙi ne a cikin haske, mai alamar B fari ne a cikin inuwa. Kowa zai rantse B ya fi haske. Huda takarda wuri biyu ka ɗora a kan hoton yadda gidajen biyu kawai za su leƙo: launin toka iri ɗaya ne. A ganina rashin adalci ne a kira wannan kuskure. Ƙwaƙwalwa ba awon hasken da ya shigo ido take yi ba, tana neman sanin ainihin launin abin ne, don haka ta cire inuwa daga lissafi. Da allon na gaske ne, amsarta ita ce daidai. Da ba ta yin haka, farar riga za ta riƙa zama baƙa duk lokacin da mai ita ya shiga ƙarƙashin bishiya.

Masanan Geshtalt su kansu sun bayyana duk wannan da cewa ƙwaƙwalwa tana karkata ga siffa mafi sauƙi da tsari. Bayanin da na bi a sama, na zaɓen abin da ya fi yiwuwa, ya fi kusa da na masanin Jamus Hermann von Helmholtz na ƙarni na 19, kuma har yau ana muhawara a kan wanne ya fi, don a mafi yawan hotuna duka biyun amsa ɗaya suke bayarwa. Raunin ƙa'idojin a fili yake: suna faɗin abin da ke faruwa, amma a asalinsu ba su faɗi wadda za ta yi rinjaye in biyu suka ci karo ba. Jera ɗigo ja da baƙi, layin kwance kowane launi ɗaya, sannan ka riƙa matso da su ta tsaye. Da farko za ka ga layukan kwance saboda launi. A wani mataki sai hoton ya juye ya zama layukan tsaye saboda kusanci. Inda juyin zai faru sai an gwada, kuma ba lallai ya zama wuri ɗaya ga mutum biyu ba.

Mai tsara fom ko takardar talla ya fi kowa cin karo da wannan. In rubutun "Sunan uba" ya zauna daidai tsakiyar akwati biyu, wasu za su cike na sama, wasu na ƙasa, kuma ba rashin karatu ba ne. Gyaran shi ne a matsar da rubutun ya manne wa akwatinsa, a bar fili mai faɗi kafin na gaba. Hanyar dubawa kuma ita ce ka runtse ido har haruffa su daina karantuwa, ka ga waɗanne abubuwa ne suka dunƙule wuri guda. In dunƙulewar ba ta zo daidai da abin da kake nufi ba, tazarar ce za ka gyara, ƙarin bayani ba zai yi magani ba.