Mene ne moren, kuma me yake faɗa game da yanayin dā?

Moren shi ne tulin duwatsu, tsakuwa da laka da glasiya ta kwaso ta jibge a gefenta ko a bakinta. Glasiya kuwa ƙanƙara ce da ta taru a kan tudu shekara da shekaru. Dusar bana ta danne ta bara, har ta ƙasa ta daskare ta zama dunƙule guda. Idan kaurinta ya kai 'yan gomiyoyin mita, nauyin kanta ne ke sa ta fara malalowa gangare, a hankali ƙwarai, sau da yawa ƙasa da mita ɗaya a rana.

Ƙanƙara ita kaɗai ba ta da taurin da za ta ci dutse. Duwatsun da suka maƙale a gindinta su ke yin aikin, suna gurzar falalen da ke ƙasa kamar yadda ɗan dutsen niƙa ke cin uwarsa, su bar dogayen karce a jere da ke nuna inda ƙanƙarar ta nufa. Ban da gurza akwai fizga: ruwa ya shiga tsagar dutse ya daskare, tsagar ta buɗe, ƙanƙarar ta ɓalle guntun ta wuce da shi. Kogi gindin kwari kawai yake ci, shi ya sa kwarinsa ke da siffar V. Glasiya ta cika kwarin baki da baki, tana cin ƙasa da bangwaye lokaci guda, sai ta bar siffar U, gindi mai faɗi da bango a miƙe.

Abin da ya zubo daga bangwaye yakan jeru a gefe, shi ne moren na gefe. Wanda ya fi amfani ga mai bincike shi ne na baki, domin yana nuna iyakar inda ƙanƙarar ta tsaya. Gane shi ba wuya in an haƙa. Ruwa yakan tace kayansa, yashi daban tsakuwa daban, kuma ya mulmule su. A moren za a tarar da dutse mai girman ɗaki kwance cikin laka mai laushi, komai a cakuɗe, gefunan duwatsun da kaifinsu.

Glasiyar Rhône a Switzerland misali ce mai kyau. A wajen 1856 bakinta yana gindin kwari kusa da ƙauyen Gletsch, kuma tulin da ta bari a wannan zamanin yana nan, ita kuwa ta ja baya ta haye gangare. Fiye da shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙararta ta cike gurbin da Tafkin Geneva yake a yau, mai zurfin mita 310, ta kai manyan duwatsu na Alps har gindin tsaunukan Jura, inda dutsen ƙasar wani iri ne dabam. Irin waɗannan baƙin duwatsu na cikin hujjojin Louis Agassiz, masanin kimiyya ɗan Switzerland, a 1837, lokacin da ya ce an taɓa yin zamanin ƙanƙara.

Don sanin shekarun moren, ana sassaƙar ɗan guntu daga saman babban dutsen da ke kan tulin, a auna sinadarin beriliyam-10 da hasken sararin samaniya ke samarwa a jikinsa tun ranar da ya fito fili. Nan ake yin kuskure. Idan dutsen ya gangara ya juya, ko ya daɗe a binne kafin ƙasa ta zaizaye, lissafin zai ba da shekaru kaɗan. Idan kuwa ya sha haske a bangon tsauni kafin ƙanƙara ta ɗauke shi, zai ba da shekaru fiye da kima. Saboda haka dutse ɗaya ba ya isa, sai an gwada da yawa a tuli guda. Sannan glasiya babba takan share tulin ƙananan da suka gabace ta, tarihin ya zo da giɓi.

Ƙanƙarar Antatika ce ke cike giɓin. Kumfar iskar da ke cikinta ta adana tarihin shekara 800,000, inda sanyi ke zuwa ya tafi kusan duk shekara 100,000. Sauyin kewayen duniya ga rana shi ke tayar da abin, iskar kabon ta ƙara masa ƙarfi: kimanin 180 cikin miliyan a tsananin sanyi, 280 a lokacin ɗumi. Yau ta haura 420. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a sanyi na ƙarshe matsakaicin zafin duniya ya ragu ne da digiri 5 zuwa 6 kacal, amma teku ya sauka da kusan mita 120. Mu nan fari ya kawo mana: Tafkin Chadi ya ƙafe, tuddan yashi suka gangaro kudu har ƙasar Hausa, kuma ana ganin sauransu a hotunan sama na yankin Kano da Jigawa.