Mayar da tsohon sito asibiti ko wurin sana'a

Mayar da tsohon sito asibiti ko wurin sana'a aiki ne na sauya amfanin gini ba tare da an rushe shi ba: a bar harsashinsa, da bangonsa, da ginshiƙansa, da ƙarafan rufinsa, a tsara cikin ya dace da sabon aiki. A Katsina da Daura ana samun irin waɗannan sito-sito da aka gina domin gyaɗa, auduga, hatsi ko takin zamani. Yawancinsu zaure ɗaya ne dogo, bangon bulo inci 9, ƙarafan rufi masu siffar alwatika, rufin kwano, ƙofa babba ta shigar mota, tagogi ƙanana a can sama ko ma babu. Ƙa'idar aikin ita ce tsohon gini ya ci gaba da ɗaukar nauyin da aka gina shi dominsa kawai, sabon aiki kuma ya tsaya da ƙafarsa a cikinsa.

Abin da sito ya taɓa ajiyewa

Kafin a auna komai, a tambayi tsohon mai gadi da maƙwabta me aka daɗe ana jibgewa a ciki, domin amsar ce ke nuna ko ginin zai yi asibiti. Takin zamani yana jawo laima, gishirinsa yana ratsa daɓe da ƙasan bango, ya ci rodi da gindin ginshiƙin ƙarfe. Alamarsa farin gari kamar kanwa a jikin bulo, da fulasta da ke kumbura tana zubowa. Fenti ba ya riƙe irin wannan bango. Sai an sassaƙe fulastar har a wuce inda farin ya tsaya, a goge bulon a bushe, a bar shi ya sha iska, sannan a sake shafe. Wanke shi da ruwa yana ƙara tura gishirin ciki ne, ya dawo bayan damina.

Siton hatsi da gyaɗa matsalarsa ƙura ce, da kashin ɓera da na jemage da ya taru a saman bango da kan ƙarafa. Ana jiƙa shi a kwashe da takunkumi a fuska, ba a share shi a bushe. Mafi hatsari shi ne inda aka ajiye maganin ƙwari na ruwa ya zube a daɓe. Kankare yana shan sa, warin kuma yana tashi duk lokacin bazara. Irin wannan ɓangare ana fasa daɓensa a kwashe tare da ƙasar da ke ƙarƙashi. Idan zubewar ta game ko'ina, ginin ba na kwantar da marasa lafiya ba ne.

Wasu tsofaffin sito rufinsu ko silinsu na asbesto ne, wato falle mai launin toka mai kama da siminti. Muddin lafiyarsa lau, barin sa ya fi taɓa shi. Hudawa, yankawa ko fasawa ke sakin zarensa a iska, shaƙar zaren kuma tana jawo cutar huhu da daji bayan shekaru masu yawa. In dole a cire, a jiƙa, a kwance ƙusoshi, a sauke falle-falle ba tare da an karya ba.

Binciken ƙashin ginin

Wannan aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma rahotonsa na cikin abin da ake kai wa hukumar tsara birane ta jiha wajen neman izinin sauya amfanin gini. Asibiti kuma yana buƙatar rajista da ma'aikatar lafiya, don haka a nuna musu zane tun kafin a sayi bulo.

Tsaga iri biyu ce. Siririya da ta tsaya a fulasta ba abin damuwa ba ce. Wadda ta bi layin bulo a karkace kamar matakala, ta fito ta ɗaya gefen bangon, faɗinta ya haura milimita 3, musamman in ta fi buɗewa a sama, tana nuna harsashi ya sauka. Abin da ake son sani shi ne ko ta tsaya ko tana tafiya. Ana manna ɗan dunƙulen fulasta a gicciye kanta a wurare biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage, bango na motsi. Gwajin da aka yi da rani kaɗai ba ya gamsarwa, domin ƙasa tana motsi ne in ta sha ruwan Yuli da Agusta. Sau da yawa mai laifin ruwan rufi ne da ke zuba gindin bango shekara da shekaru. Indararo da ɗan daɓe mai gangara a kewaye su kan tsayar da tsagar.

A ƙarfe, wurare uku ake dubawa: gindin ginshiƙi inda ya shiga daɓe, inda ƙarfen rufi ya zauna kan bango, da ƙarƙashin duk inda kwano ke yoyo. Tsatsa tana ruɗar ido, domin kaurinta ya ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa. Sai an kankare ta har fari ya fito, a auna kaurin da ya rage. In abin da ya tafi ya kai kashi ɗaya cikin goma, injiniya ya sake lissafi, a yi waldar faranti a ƙarfafa. In katako ne, a ƙwanƙwasa shi: wanda gara ta ci yana amsawa kamar ganga, ko da fuskarsa na nan sumul.

Akwai siraran ƙarafa da ke gicciye da juna tsakanin ginshiƙai ko a ƙarƙashin kwano. Masu aiki su kan yanke su don sun tare hanyar taga ko silin. Su ne ke hana ginin karkata idan iskar farkon damina ta taso, ba a taɓa su sai injiniya ya samar musu madadi.

Misali: sito mai mita 30 da 12

A ɗauki sito a Katsina mai tsawon mita 30, faɗi mita 12, tsayin bango mita 4.5, ƙarfen rufi ɗaya a kowace mita 5. Filin ciki murabba'in mita 360 ne, ana son wurin jira, ɗakunan ganin likita biyu, ɗakin allura da ɗauri, ɗakin gwaji, ɗakin magani, ɗakin kwanciya na maza da na mata, da banɗakuna.

Abin da aka fi saurin yi shi ne a rataya silin a jikin ƙarafan rufi. Kowane ƙarfe yana kula da murabba'in mita 60. Silin mai nauyin kilo 12 a kowace murabba'in mita zai ɗora masa kilo 720, in aka ƙara farantan sola a sama, masu kusan kilo 15 a murabba'in mita har da ƙarafansu, nauyin na iya ninkawa. Ƙarfen nan kwano kaɗai aka lissafa masa. Alamar ya gaji ita ce tsakiyar rufi ta lotsa, silin ya tsage a layi ɗaya ƙarƙashin kowane ƙarfe. Mafita ita ce a gina ɗakunan tsayin mita 3, silin kowane ɗaki ya zauna kan bangon ɗakin, ba ruwansa da rufi. Sararin mita ɗaya da rabi da ya rage a sama yana da amfani: nan zafin kwano ke taruwa ya fice ta tsofaffin tagogin sama, waɗanda za a bari a buɗe da ragar hana jemage. Tankin ruwa mai lita 2,000 tan 2 ne, hasumiyarsa a waje take. Sola ma ta fi dacewa kan rumfar ajiye motoci.

Bangon bulo inci 6 da fulasta, tsayin mita 3, yana kai kusan kilo 700 a kowace mita. Daɓen da ya ɗauki buhuna jibge da motar kaya, mai kaurin santimita 15, kan iya ɗaukarsa, amma sai an huda wurare uku ko huɗu an tabbatar da kaurin. In bai wuce santimita 8 ko 10 ba, a yanka layi a zuba ƙaramin harsashi ƙarƙashin kowane bango, ko a yi rabon da allo mara nauyi. Kafin tayil a gwada laima: a manna leda mai faɗin rabin mita a daɓe, a like gefunanta, a bar ta kwana ɗaya. In ta yi gumi a ciki, sai an shimfiɗa ledar hana laima an zuba sabon daɓe a kai, in ba haka ba tayil zai riƙa ɓamɓarewa.

Iska ce babbar matsala, domin faɗin mita 12 ya yi wa taga ta gefe ɗaya yawa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta ba da lita 60 a daƙiƙa ga kowane majiyyaci a ɗakin kwanciya da wurin jira. Mutum 30 na buƙatar lita 1,800 ke nan. Da iska mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, kowace murabba'in mita ta buɗaɗɗiyar taga tana ba da kusan lita 650, don haka ana buƙatar kusan murabba'in mita 2.8 a kowane gefe, suna fuskantar juna. Taga mai zamewa rabinta kaɗai ke buɗewa, ragar sauro kuma tana rage wani abu, ƙurar hunturu ta ƙara toshe ragar. Tagogi huɗu masu mita 1.2 da 1.2 a kowane gefe da ƙyar suke kaiwa a takarda. Shida ne daidai. Wannan ya sa wurin jira ya kamata ya ratsa faɗin ginin gaba ɗaya, kada a jera ɗakuna a gefe biyu a bar shi a tsakiya ba numfashi.

Buɗe taga a tsohon bango yana da tsari. Ana zaɓar tsakiyar tazarar ginshiƙai, nesa da inda ƙarfen rufi ya zauna. A tokare bangon sama, a yanka gurbin linta, wato kankaren da zai ɗauki bangon saman taga, da injin yanka maimakon guduma, a sa linta ta hau aƙalla santimita 20 kowane gefe, a cike samanta tam. Sai kankaren ya yi ƙarfi sannan a cire bulon ƙasa. Wanda ya fara fasa ramin taga sannan ya nemi linta zai ga tsaga ta tashi daga kusurwa ta nufi rufi.

Banɗakuna, ɗakin gwaji da wurin wanke kaya duk a jera su a bango ɗaya, kowane bututu ya fita waje kai tsaye, kada a farfasa daɓe. Bututun inci 4 yana son gangarar 1 cikin 40, wato mita 20 ta sauka rabin mita. Ramin bututun in ya bi gindin bango zai zurfafa ƙasa da harsashi ya kwance shi, don haka a ja shi fiye da mita ɗaya daga bango. Sokawe kuma ta nisanci rijiya da burtsatse da kamar mita 30.

In daɓen sito ya ɗaga santimita 90 don lodin mota, gangarar keken marasa lafiya ta 1 cikin 12 za ta ci mita 10.8, ban da wurin hutawa a tsakiya. A kwantar da ita a jikin bango. Ƙofar ɗakin kwanciya ta kai mita 1.2 saboda gadon turawa, sannan a buɗe ƙofar fita ta biyu a ɗaya ƙarshen ginin saboda gobara.

In wurin sana'a ne

Walda, kafinta ko gyaran inji sun fi sauƙi, tunda faɗin zauren da babbar ƙofar su ake nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne rataya sarƙar ɗaga injin mota a ƙarfen rufi. A yi mata nata ƙafafun ƙarfe da suka tsaya a ƙasa. Inji mai jijjiga kuma ana yanka masa daɓe a zuba kankare nasa daban mai zurfi, a bar ɗan rata a kewaye, don kada girgizarsa ta bi daɓe ta farfaɗo da tsofaffin tsagogin bango. Tsohuwar wayar lantarki ta ƴan ƙwayaye ce, ana cire ta gaba ɗaya a ja sabuwa daidai da ƙarfin injinan.