Ma'anar "watannin kaya" a lissafin mai kemis

Idan ka tambayi mai kemis ko yana da maganin zazzabin cizon sauro, zai leƙa kanta ya ce akwai, har katan biyu. Katan biyu kuwa ba ya nuna komai shi kaɗai. A watan Agusta yana iya ƙarewa kafin sati uku, a watan Fabrairu yana iya kwantai har wa'adinsa ya cika yana nan a sito. Shi ya sa masu kula da sitocin magani ba sa tsayawa a kan yawan abin da ke ƙasa. Tambayarsu ita ce, a yadda ake sayen maganin nan, wata nawa abin da ke hannu zai kai? Amsar wannan tambaya ita ake kira watannin kaya. A fom ɗin asibitoci da manhajojin sito za ka ga an rubuta MOS, kusa da shi kuma AMC, wato matsakaicin abin da ke fita a wata.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga abin da ke kanta da sito, ka raba shi da abin da kake sayarwa a wata. Mai fakiti 200 da ke sayar da 100 a wata yana da kayan wata biyu. Mai fakiti 200 da ke sayar da 20 yana da kayan wata goma, kuma ya kamata hankalinsa ya tashi. Lambar da ta fito sai a gwada ta da abu biyu. Na farko, kwana nawa ne tsakanin yin oda da isowar kaya. Na biyu, wata nawa ya rage wa'adin da ke jikin kwalin ya cika. In watannin kayanka ba su kai lokacin isowar sabon sari ba, kanta za ta yi wayam. In sun zarce wa'adin da ya rage, akwai abin da za a zubar, ko da yau kwalin yana ƙyalli.

Inda aikin yake shi ne gano abin da ke fita a wata, domin littafin ciniki yana iya yaudarar mai shi. Mu ɗauki misalin wani kemis na unguwa a Kano, da maganin zazzabi irin na manya mai ƙwaya 24 da ake sha cikin kwana uku. A ce a Yuli ya sayar da fakiti 90, a Agusta 120, a Satumba 80. Wanda ya duba littafi da gaggawa zai ce ciniki ya ja baya a Satumba. Amma da za a tambayi yaron shago, zai ce ai kwana goma aka yi babu maganin, mutane na zuwa ana cewa su leƙa gaba. Ke nan a kwana ashirin aka sayar da tamanin ɗin, huɗu a rana, wanda da kaya ba su yanke ba 120 za a sayar. Matsakaicin gaskiya 110 ne, littafi kuwa yana nuna wajen 97. Bambancin kamar ba yawa, amma dubi abin da yake jawowa: mai kemis ya yi oda bisa ƙaramar lamba, kaya su sake yankewa, littafi ya sake nuna ƙaramar lamba, ya sake rage oda. Haka shago ke tsukewa a hankali mai shi yana ɗora laifi a kan kasuwa. Maganin abin shi ne a riƙa rubuta ranar da kaya suka ƙare da ranar da suka dawo, ko a gefen littafi ne.

Da an samu wannan lamba, sai a kafa iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama. Mai kemis ɗinmu yana sari a cibiyar sayar da magani ta Dangwauro, kan titin Zariya, kuma daga ranar da ya lura kaya sun yi ƙasa zuwa ranar da ya haɗa kuɗi ya je ya dawo, sati guda ne. Sai ya ƙara wani satin na ko-ta-kwana, saboda wata rana za ka je dila ya ce babu sai jibi. Sati biyu ke nan, rabin wata, fakiti 55. Duk ranar da abin da ke shago ya sauko 55, lokacin oda ya yi, ba sai an ga katakon kanta ba. Iyakar sama kuma a ce kayan wata ɗaya da rabi, fakiti 165. Abin da zai saro shi ne gibin da ke tsakanin abin da ke hannu da wannan iyaka. Wanda ke wani ƙauye mai nisa, da sai ranar kasuwa mota ke shiga, dole iyakarsa ta ƙasa ta fi wannan tsawo, musamman da damina in hanya ta lalace. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Ƙarshen Oktoba ya zo, akwai fakiti 60 a shago, sai dila ya kira ya ce Alhaji akwai kaya masu sauƙi, fakiti 300, wanda ake ba ka naira dubu ɗaya zan bar maka a ɗari bakwai. Aka duba kwali, an buga `EXP 03` da shekara mai kamawa. In wata da shekara kawai aka rubuta, a bisa al'ada maganin yana aiki har ranar ƙarshe ta wannan watan, don haka saura wata biyar, daga Nuwamba zuwa Maris. Mai kemis ya yi lissafi da lambar da ya saba: 360 a raba da 110, wata uku da 'yan kwanaki. Ai kafin Maris an gama, in ji shi.

Kuskuren shi ne lambar 110 ta damina ce. Zazzabin cizon sauro a ƙasar Hausa da ruwa yake tafiya, yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, sannan ya lafa idan hunturu ya shiga, tari da mura su karɓi kanta. A ce littafin bara ya nuna cewa daga Nuwamba zuwa Maris wajen fakiti 40 ake sayarwa a wata. To 360 a raba da 40 wata tara ne, wa'adi kuwa saura biyar. Ko ya ture tsofaffin sittin ɗin gefe ya fara da sababbin, 200 kaɗai za su fita kafin ƙarshen Maris, 100 su mutu a hannunsa. Rangwamen ɗari uku-uku a kan 200 ya ba shi naira dubu 60, fakiti 100 da suka mutu sun cinye dubu 70. Ya tashi da asarar dubu goma, ga kuɗinsa dubu 210 da suka kwanta a lokacin da ya kamata su shiga maganin tari. Araha ba ta ado. Da ya karɓi 160, kayan wata huɗu, ya bar Maris a matsayin tazara, da cinikin ya yi kyau ƙwarai. Kayan da wa'adinsu ya kusa ba abin gudu ba ne a ganina, muddin lissafi ne ya faɗi yawan da za a ɗauka, ba bakin dila ba.

Akwai wani abu a cikin misalin nan da ya kamata a tsaya a kai. Fakiti sittin ɗin da suka riga zuwa shago wa'adinsu ya fi na sababbin nisa. Yawancin 'yan kasuwa sun saba da cewa abin da ya fara shigowa shi ke fara fita, kuma ga shinkafa ko sabulu hakan ya wadatar. A magani wanda zai fara mutuwa shi ke fara fita, ko da jiya ya iso. A manhaja ana rubuta wannan tsari FEFO. A aikace, ranar da kaya suka iso ake yinsa: a buɗe katan, a duba wa'adin kowane rukuni, domin katan ɗaya na iya zuwa da wa'adi iri biyu, a rubuta watan da babban alƙalamin maka a gefen da ido ke gani, a jera mai kusa a gaba ta inda hannu ke fara kaiwa. Yaron da ya gaji, in ba a sa masa ido ba, gaban kanta zai cusa sabon kaya ya danne na baya, sai bayan wata shida a zaro kwali mai ƙura a ga ya wuce. Saboda haka watannin kaya ma rukuni-rukuni ake duba su, kowane wa'adi da nasa lissafin.

Tazarar da za a bari kafin wa'adi ta danganta da yadda ake shan maganin. Na zazzabi kwana uku ne an gama. Na hawan jini ko na ciwon suga kuwa, mutum kan sayi na wata guda ko biyu ya ajiye a gida, don haka wanda saura sati uku wa'adinsa ya cika bai kamata a miƙa wa mai sayen na wata biyu ba, ko da a takarda bai mutu ba. Shi kansa wa'adin da sharaɗi yake tafe: yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, shagon kwano kuwa a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu yana wuce 40. Wannan wani dalili ne na rage yawan sari da bazara, balle irin su insulin da ke buƙatar firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a garin da wuta ba ta tsayawa.

Lissafin yana da inda ƙarfinsa ke ƙarewa. Maganin da ake nema sau ɗaya ko biyu a wata, kamar na shaƙa na masu asma, matsakaici ba ya faɗin komai a kansa, wani watan ba a tambaya ko sau ɗaya, wani watan mutum huɗu su zo a sati. Irin wannan sai a yanke ƙaramin adadi, biyu ko uku, ana mayar da gurbin duk wanda ya fita, kuma a yarda cewa wani lokaci ɗaya zai mutu. Haka kuma duk lissafin banza ne in abin da ke littafi bai yi daidai da abin da ke kanta ba, shi ya sa ake ƙirga da hannu a ƙarshen kowane wata. In littafi ya ce 70 aka ƙirga 58, ko an ba da bashi ba a rubuta ba, ko wani hannu na shiga.

A ranar wannan ƙirgar ake ware duk abin da saura wata uku zuwa shida wa'adinsa ya cika, a auna shi da abin da ke fita. Wanda ba zai ƙare ba a nemi dila ya canza shi, in an yi wannan yarjejeniya tun ranar sari, ko a tura wa wani kemis mai lasisi da ke kusa da asibiti inda yake tafiya da sauri. Wanda ya riga ya mutu a cire shi daga kanta nan take, a sa a kwali daban a rubuta a jiki, a cire shi daga lissafin abin da ke hannu. Ba a sayar da shi ko da rabin kuɗi, ba a kuma watsa shi a bola inda yara ko masu sake buga kwanan wata za su tsinta. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke kula da lalata irin waɗannan kaya, ita ake tuntuɓa a miƙa mata.