Faɗuwar Gaba da Mantuwa a Shekarun Ɗaukewar Al'ada: Yaushe Ya Kamata a Ga Likita?

Wata baiwar Allah mai shekara 47 ta zo ɗakin da nake duba mata. Uwar adashi ce a unguwarsu a cikin gari, ta fi shekara goma tana riƙe lissafin zubin mata ashirin da ka. Ta zauna ta ce, "Sista, ni dai ina jin kaina ne ya taɓu." Ta karɓi zubin mutum biyu ta manta, har aka yi cacar baki. A sallar La'asar sai ta rasa raka'a ta nawa take. Ƙarfe uku na dare za ta farka jiƙe sharkaf da gumi, gabanta na dukan uku-uku, alhali babu abin da ya faru. Ta yi ruƙiyya, ta sha rubutu, a gida har an fara zargin sammu.

Tambayar farko da na yi mata ita ce, "Hajiya, yaya al'adarki?" Ta yi shiru, sannan ta ce kusan shekara guda ke nan ta rikice: ta yi wata biyu ba ta gani ba, in ta zo kuma kamar an ɓalle famfo. Ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta.

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Amma kafin nan akwai shekaru, sau da yawa huɗu ko fiye, da sinadarin istirojin da ƙwayayen mace ke fitarwa yake hawa da sauka ba tsari. Aikin sinadarin nan bai tsaya ga mahaifa ba, yana da hannu a barci, da daidaita zafin jiki, da yanayin zuciya. Shi ya sa wahalar takan fi tsanani tun al'adar ba ta gama tafiya ba. Gumin dare ya katse barci, ga zafin Kano na watan Afrilu, ga ba wuta. Macen da ta yi wata uku ba ta samu barcin kirki ba, dole ta yi mantuwa da saurin fushi.

Mantuwar ce ta fi tsorata mata, don haka bari in tsaya a kanta. Irin ta wannan lokaci ita ce sunan mutum ya tsaya miki a baki sai can ya faɗo, ko ki shiga ɗaki ki rasa me kika zo ɗauka. Ke da kanki kin san kin manta, kuma in an tuna miki sai ki tuna. Ga yawancin mata tana sauƙi idan jiki ya daidaita, kuma ba ita ce rikicewar tsufa ba. Wadda ba ma so mu ji ita ce mace ta ɓata a hanyar da ta saba bi kullum, ko ta kasa haɗa miyar da ta shekara talatin tana yi, ko ya zama 'ya'yanta ne ke lura da abin ita ba ta sani ba. Wannan ta likita ce ba da jira ba.

Ban ce wa Hajiya "shekaru ne, ki yi haƙuri" ba. Maganar nan tana ƙona min rai, don an sallami mata da yawa da ita alhali wani ciwon ne daban. Mun auna hawan jini da suga, mun yi gwajin ciki, domin mace na iya ɗaukar ciki matuƙar al'ada ba ta gama ɗaukewa ba. Mun duba yawan jininta, likita ya ƙara da gwajin sinadarin maƙogwaro, wanda in ya yi yawa yake kawo bugun zuciya da gumi da fargaba, in ya yi kaɗan kuma kasala da mantuwa. Na Hajiya ya fito lafiya, amma jininta ya yi ƙasa saboda zubar da take yi. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka tura ta wurin likitan mata a binciki zubar. Na ce ta bar goro da shayi daga La'asar, ta riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa da safe, ta kuma sayi littafi don adashin.

Sai dai da ta dawo bayan mako shida, bugun zuciyar ya ragu amma ta ce ko sunan jikarta ba ta ji daɗinsa ba, kuka take a ɗaki, abinci ma turawa take. A nan ne iyakar take. Ɓacin ran da ke zuwa ya wuce, a yi dariya gobe, daban yake da wanda ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, ya cire miki sha'awar abin da kike so a da, ya hana ki sana'a ko hidimar gida. Wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Wadda ta taɓa yin sa a baya, musamman bayan haihuwa, ta fi zama cikin haɗarin ya dawo a shekarun nan, don haka kada ta jira ya yi nisa. Idan kuwa tunanin gara mutuwa ko na cutar da kai ya fara zuwa, ranar za a tafi asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Haka ma ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada a ce fargaba ce kawai.

Likita ya ɗora Hajiya a kan sataralin, ɗaya daga magungunan damuwa, tare da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Irin wannan magani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, a kwanakin farko ma yana iya kawo tashin zuciya. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Ga macen da zafin jiki da gumin dare suka fi addaba, akwai maganin mayar da istirojin, wanda ake haɗawa da furojestiron idan tana da mahaifa. Bai dace da wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, shi ya sa ba a fara shi ga Hajiya ba sai an gama binciken zubarta.

Abin da nake roƙo shi ne kada a aiki yaro kemis ya sayo baliyam don a samu barci. Jiki na sabawa da shi cikin makonni kaɗan, yana kuma ƙara mantuwar da ake gudu. Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti. A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Asibitin Murtala. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen mata da na lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin an haukace. Kafin ki je, ki rubuta ranakun da kika ga al'ada a watannin baya, da yadda barcinki yake, da duk abin da kike sha, har na gargajiya. Idan kuma al'ada ta ɗauke miki kafin shekara 40, ko kika ga jini bayan ta yi shekara da ɗaukewa, ki faɗa wa likita wannan tun kafin ya tambaya.